Fom ɗin neman hutu: waɗanne gurabe ne ke hana rigima daga baya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. An ɗora mini aikin sake tsara fom ɗin neman hutu na wurin aikinmu, ma'aikata 23 ne, a nan Sabon Gari. Wanda muke da shi yanzu gurbi biyar ne kawai: suna, sashe, kwana nawa, daga yaushe, sai sa hannun manaja. Kusan duk wanda ya tafi hutu sai an yi ja-in-ja a kan ranar da ya kamata ya dawo, ko a kan wanda aka bar wa aikinsa. Masu harkar ofishin ma'aikata, me zan ƙara?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam Habibu. Gurbin "kwana nawa" shi ne tushen rigimarku, domin kwana goma a bakin ma'aikaci daban, a bakin manaja daban, a littafin akawu ma daban. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. Mutum ya rubuta kwana goma daga Litinin 22 ga Satumba 2025, manaja ya sa hannu. Yaushe zai dawo?

Idan kwanakin kalanda ake ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi, kwana na goma ya faɗa Laraba 1 ga Oktoba, sai ya dawo Alhamis 2 ga wata. Idan ranakun aiki ake ƙirgawa, Litinin zuwa Juma'a, amma aka manta cewa 1 ga Oktoba hutun 'yancin kai ne, hutunsa ya ƙare Juma'a 3 ga wata, ya dawo Litinin 6. Idan aka tuna aka cire 1 ga Oktoba, ita Litinin 6 ɗin ta zama rana ta goma, sai Talata 7 zai dawo. Idan kuma wurinku ana aikin Asabar, Asabar 27 ga Satumba ta shiga lissafi, hutun ya ƙare Juma'a 3, ya dawo Asabar 4.

Ka ga fom ɗaya, sa hannu ɗaya, amma ranar dawowa huɗu: 2, 4, 6 da 7 ga Oktoba. Kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa nake so fom ya ɗauki ranaku uku, kowace a gurbinta: ranar farko ta hutu, ranar ƙarshe ta hutu, da ranar da zai bayyana a bakin aiki. Sannan a ƙasansu a sa gurbin adadin ranakun da za a cire daga hutunsa na shekara.

Injiniya Auwal: Hajiya, ranar ƙarshe da ranar dawowa ba maimaici ba ne? In an san ɗaya ai an san ɗayar. Ni ina ganin yawan gurabe yana sa mutane su riƙa tsallakewa.

Hajiya Rabi: Ba maimaici ba ne Injiniya. Kalmar "zuwa" ce matsalar. Mutum ya rubuta "daga 22 zuwa 6", shi a ransa ranar 6 tana cikin hutu, oga kuma ya karanta cewa ranar 6 zai gan shi a kujerarsa. Ranar 6 aka nemi mutum ba a gan shi ba, sai takardar tuhuma, wataƙila har da yanke albashin kwana guda. In gurbi biyun suna nan dabam-dabam, dole mai cikawa ya tsaya ya yi tunani, kuma mai sa hannu zai ga saɓanin kafin a tafi. A kuma rubuta sunan ranar tare da kwanan wata, wato "Talata, 7 ga Oktoba 2025". In wani ya yi kuskure ya sa "Litinin 7 ga Oktoba", duk wanda ya ɗaga kai ya kalli kalandar bango zai kama shi nan take. Lamba zalla ba ta tona kanta haka.

Injiniya Auwal: Na yarda da wannan. To ga abin da zan ƙara, kada a bar ƙirgen a hannun yatsu. A Excel, in ranar farko tana A2, ranar ƙarshe tana B2, an jera ranakun hutun gwamnati daga D2 zuwa D15:

```
=NETWORKDAYS(A2,B2,D2:D15)
```

Wannan na masu Litinin zuwa Juma'a ne. Masu aikin Asabar su yi amfani da wannan, lamba 11 tana nufin Lahadi kaɗai ce ranar hutun mako:

```
=NETWORKDAYS.INTL(A2,B2,11,D2:D15)
```

A misalin Hajiya, 22 ga Satumba zuwa 6 ga Oktoba, na farkon zai ba ka 10. Da wannan an gama da rigimar kwanaki gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: An rage ta dai, ba a gama ba. Na farko, kwamfuta abin da aka zuba mata take ƙirgawa. In akawu ya buga 06/10/2025 a kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka, za ta ɗauka 10 ga Yuni ne, sai ka ga lissafi ya fito da alamar ragi ko wani adadi maras kan gado. Na biyu, jerin nan na D2 zuwa D15, wa ya san ranakun Sallah da za a sa ciki tun watan Janairu?

Sista Maryam: Yawwa Hajiya, nan nake jira a zo. Ranar Ma'aikata 1 ga Mayu, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba, da Kirsimeti, kowa ya san su. Amma Ƙaramar Sallah sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, daga baya da azumi ya cika talatin aka ƙara Alhamis 11. To wanda ya cika fom tun watan Maris ya ɗauki Litinin 8 zuwa Juma'a 12, kwana nawa za a cire masa? Lokacin da ya cika fom biyar ne, bayan sanarwar farko uku, bayan ta biyu biyu.

Hajiya Rabi: Wannan shi ne gurbin da fom da yawa ba su da shi. Layi ɗaya ne da akwati biyu: "Idan aka ayyana hutun gwamnati a cikin waɗannan ranaku bayan an sa hannu: (a) ranar dawowa tana nan, a mayar da ranar cikin ragowar hutunsa, (b) ranar dawowa ta matsa gaba." Ni (a) nake ba da shawara, kuma ma a buga ta a jikin fom a matsayin ƙa'ida. Dalili shi ne wanda ya riƙe masa aiki ya amince ne zuwa wata rana takamaimai, wataƙila shi ma yana da tafiya washegari. In ranar dawowa tana motsi da kowace sanarwa, duk jadawalin ya rushe.

A nan Kano kuma a fayyace hutun wa ake bi. Jiha takan ba da nata, kamar na Takutaha da na sabuwar shekarar Musulunci, alhali banki da ma'aikatun tarayya suna buɗe. Wurin aiki mai zaman kansa ya rubuta ƙarara ko na tarayya kaɗai yake bi ko har da na jiha.

Malam Habibu: Hajiya ina jin tsoron (a) ɗin nan. Muna da ma'aikata 'yan nesa, wani sai ya kwana a hanya kafin ya isa gida. In an ƙara kwana guda, a gida yake son ya ci shi, ba a ajiye masa zuwa Nuwamba ba, lokacin da kwana ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba.

Hajiya Rabi: Hujjarka mai ƙarfi ce. In haka ne bar akwatunan biyu, amma wanda ya zaɓi (b) sai mai riƙe masa aiki ya sa hannu a gefen zaɓin, ya san cewa kwana ɗaya ko biyu na iya ƙaruwa a kansa.

Sista Maryam: Ni dai ban gamsu da barin zaɓi ba. Kowa (b) zai zaɓa lokacin Sallah, kuma lokacin ne ake da ƙarancin hannu.

Alhaji Ɗanlami: Salamu alaikum. Ni tambayata, kuɗin hutun nan a fom ake rubuta shi ko a takardar albashi? Yarana na shago a Kantin Kwari in za su tafi gida ina ba su na mota da ɗan abin tsaraba, ban taɓa rubutawa ba, kuma ba mu taɓa faɗa ba.

Malam Habibu: Allah ya ƙara arziki Alhaji. Ba maganar kuɗi muke ba, ranaku ne da wanda zai tsaya a madadin wanda ya tafi. Kuɗin hutu takardar akawu ce daban.

Alhaji Ɗanlami: To ai wannan mai sauƙi ne. Yaro ya ce zai dawo bayan Sallah, ka ce Allah ya kiyaye hanya.

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, a shagon da maigida ke zaune da kansa kullum hakan yana tafiya, domin kai ne manaja, kai ne akawu, kai ne kuma mai tuna abin da aka faɗa. Amma "bayan Sallah" tana iya zama washegarin Hawan Nasarawa, tana iya zama bayan sati biyu. Ko a littafin shago ne, ka sa yaro ya rubuta rana da kwanan wata da sunan wanda ya bar wa makullin sito, ya sa hannu. Layi biyu ne kawai.

Injiniya Auwal: Dama dai doka kwana shida kawai ta ba ma'aikaci a shekara, duk abin da ya haura alfarma ce, oga yana da ikon ƙirga shi yadda ya so.

Barista Nura: Rabin farko daidai ne, rabin ƙarshe akwai gyara. Dokar Ƙwadago, sashe na 18, ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutu aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi. A lura, ranakun aiki ta ce, kuma mafi ƙaranci ta faɗa. In takardar ɗaukar aiki ta ba mutum ranakun aiki 20, to 20 ɗin haƙƙinsa ne a yarjejeniya, oga ba zai wayi gari ya mayar da su kwanakin kalanda ba. Shi ya sa kalmar da ke fom dole ta zama ita ce ke cikin takardar ɗaukar aiki. Sannan a sa gurbin irin hutun, saboda asusunsu ba ɗaya ba ne. Na rashin lafiya yana sashe na 16, har ranakun aiki 12 a shekara da takardar likita, na haihuwa yana sashe na 54. In fom bai bambanta ba, sai ka ga an cire kwanakin jinya daga hutun shekara, a watan Disamba a zo ana lissafin da ba mai iya warwarewa.

Malam Habibu: Na gode Barista. Mu koma ɓangare na biyu. Yanzu manaja yakan ce "wane zai duba maka" da baki. Sunan kawai zan ƙara a fom?

Hajiya Rabi: Suna kaɗai ya fi babu, amma shi ne ke haifar da "ni ba wanda ya gaya mini". Sau da yawa mai tafiya ne ke rubuta sunan abokinsa ba tare da ya tambaye shi ba. Don haka mai riƙon ya sa hannu da kansa, da kwanan wata, kuma kafin manaja ya sa nasa. Jerin sa hannun yana da muhimmanci: mai nema, mai riƙo, shugaban sashe, sai ofishin ma'aikata. In manaja ya riga sa hannu, mai tafiya ya riga ya sayi tikiti, mai riƙon ba shi da bakin cewa a'a ko da aikin ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi wannan shi ne me ya karɓa. A ɗauka kashiya ce za ta tafi. Aikinta ba abu ɗaya ba ne: tana karɓar kuɗi, tana riƙe makullin akwatin ajiya, tana kai kuɗi banki, tana biyan ƙananan kashe-kashe, tana tura rahoton mako duk Juma'a. In fom ya ce "wance za ta riƙe" kawai, ranar da mai kawo dizal ya zo da takardar naira 180,000, wance za ta biya ko ta ce a jira? In ta biya aka sami matsala, za a ce wa ya ba ki izini. In ta ƙi, janareta ya tsaya, za a ce ai ke aka bar wa aikin. Ko ta ina ita ce a ciki. Saboda haka a yi ɗan tebur mai layi biyar ko shida: aikin, wanda ya karɓa, ranar da dole a gama, da iyakar ikonsa. A layin biyan kuɗi a rubuta, misali, "har naira 50,000, abin da ya haura sai manaja". Kuma ba dole mutum ɗaya ya ɗauki duka ba. Rahoton Juma'a yana iya zuwa hannun akawu, makulli ya zauna wurin manaja.

Kayan da ake miƙawa hannu da hannu a rubuta su da adadi a bayan fom: makulli guda nawa, kuɗin da ke akwati nawa aka ƙirga a gaban su biyun, littafin rasit ya tsaya a lamba nawa. Lambar rasit ɗin nan ita ce ke raba gardama in an sami giɓi, domin ita ke nuna a hannun wa kuɗin ya shigo. Kalmar sirri ta kwamfuta kuwa ba a rubuta ta a fom, ba a kuma ba da aronta. A buɗe wa mai riƙon tasa ta wucin gadi, don abin da ya yi ya fito da sunansa.

Sista Maryam: A ƙara tambaya guda ga mai riƙo: "Kana da hutu ko wani riƙon a cikin waɗannan ranaku?" Abin da ke faruwa shi ne Ladi ta sa Binta, Binta ta sa Hauwa, Hauwa ta sa Ladi, kowane fom shi kaɗai lafiya lau, sai an haɗa su a ga sati guda babu kowa. Ofishin ma'aikata ya duba jadawalin sashe kafin ya buga hatimi.

Mu masu aikin karɓa-karɓa kuma kwanan wata kaɗai ba ya isa. Dutin dare yana farawa yau ya ƙare gobe da safe. In an rubuta "za ta dawo 7 ga wata", da safe ne, ko da daren 7, ko kuwa daren 6 da zai wayi gari 7? Fom ɗinmu dole ya ce duti na ƙarshe kafin tafiya da duti na farko bayan dawowa, da ƙarfe nawa.

Zainab: Ina wuni Anti Rabi, ina wuni manya. Ni abin ya same ni watan jiya. Na nemi sati biyu, oga ya ce da baki sati ɗaya zai iya ba ni, daga baya a waya ya ce in yi kwana goma. Fom ɗin yana nan da sati biyu da sa hannunsa. Na dawo bayan kwana goma na kalanda, amma an cire mini sati biyu daga hutuna. Yanzu me zan yi?

Hajiya Rabi: Sannu ƙanwata. Ki nemi rajistar sa hannun zuwa aiki na ranakun da kika dawo, ki haɗa da fom ɗin, ki rubuta gajeriyar takarda cikin ladabi ki nemi a gyara ragowar hutunki. Rajistar ce shaidarki. In maganar wayar saƙo ne aka turo, ki ajiye hotonsa.

Malam Habibu, ga darasi ga fom ɗinka. Ɓangaren manaja kada ya zama sa hannu kawai. Ya sami akwati uku: an amince yadda aka nema, an amince da canji, ba a amince ba. A ƙarƙashinsu ya rubuta ranakun da ya amince da su da hannunsa, ranar farko, ranar ƙarshe, ranar dawowa, ko da daidai suke da na sama. In akwai canji, mai nema ya sake sa hannu cewa ya gani. Kada a yarda da goge rana a rubuta wata a kai, domin bayan wata uku ba mai iya cewa kafin sa hannu aka goge ko bayansa. A soke fom ɗin, a cika sabo, a maƙala su tare.

Sai yanki na ƙarshe da ake cikawa ranar dawowa: ranar da ya dawo a zahiri, ranakun da ya ci a zahiri, ragowar hutunsa, da sa hannun mai riƙo cewa ya mayar da aiki da makulli. Daga wannan yankin akawu zai cire kwanaki, ba daga na sama ba. Da akwai shi, da abin Zainab bai faru ba. Nan ne kuma ake rubuta kiran gaggawa, in an katse wa mutum hutu: wa ya kira, wace rana, kwana nawa suka rage masa.

Barista Nura: Kuma a ba ma'aikaci kwafinsa bayan sa hannun ƙarshe, ko da hoto ne a waya. Takardar da ɓangare ɗaya kaɗai ke riƙe da ita tana da rauni ranar gardama. A sa gurbin ranar da ofis ya karɓi fom ɗin ma, saboda masu ƙa'idar a nemi hutu sati biyu kafin tafiya.

Injiniya Auwal: Duk wannan zai shiga shafi ɗaya kuwa? In ya kai shafi uku ba mai cikawa.

Hajiya Rabi: Takarda ɗaya ce gaba da baya. Gaba: mai nema, ranaku, hukuncin manaja. Baya: teburin riƙo, kayan da aka miƙa, da yankin dawowa. Izinin kwana ɗaya ko biyu gaban kawai za a cika, da sunan mai riƙo da sa hannunsa.

Malam Habibu: Allah ya saka da alheri. Zan zana shi yau da dare in turo hotonsa gobe ku duba. Maganar Sallah dai zan kai wa manaja zaɓin biyu, don Hajiya da Sista ba su daidaita ba. Saura abu ɗaya: wanda ya fita ƙarfe 12 ranar Juma'a bai dawo ba bayan masallaci, da izini, rabin kwana za a rubuta masa ko a bar shi?

Sista Maryam: Mu rabin kwana muke rubutawa.

Hajiya Rabi: Ya danganta da ƙarfe nawa kuke tashi ranar Juma'a. Faɗa mana lokacin tashinku tukuna.